FOB ko CIF: Wa Ke Biyan Jirgi, Wa Ke Biyan Inshora, Asara Kuma a Kan Wa?

Wannan shi ne shirinmu na faɗakar da 'yan kasuwa. Gaisuwa ta musamman ga masu shaguna a Narayi da Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri, da duk wanda ke odar kaya daga ƙetare ko yake da niyyar farawa.

Yau za mu tsaya ne a kan wasu haruffa uku-uku da ake rubutawa a gefen farashi a takardar ciniki: FOB da CIF. Da yawa daga cikinmu idan aka turo takardar farashi daga Sin ko Indiya ko Turkiyya, idonmu kan jimillar kuɗi yake sauka, haruffan nan kuwa sai mu tsallake su. Alhali su ne ke amsa tambayoyi uku: wa zai biya kuɗin jirgin ruwa, wa zai biya inshora, kuma idan kaya suka lalace ko suka salwanta a hanya, asarar ta wace ce?

Ga abin da nake so kowa ya riƙe tun daga farko. Tsakanin FOB da CIF, mai biyan jirgi yana canzawa, mai biyan inshora ma yana canzawa, amma wurin da asara ke komawa wuyan mai saye ba ya canzawa. A duka biyun, da zarar kaya sun hau jirgi a tashar ƙasar mai sayarwa, kasadarsu ta zama taka.

Waɗannan ƙa'idoji ba wata gwamnati ce ta kafa su ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya, ICC, mai hedikwata a birnin Paris, ita ce ta fara fitar da su a 1936 da sunan Incoterms, kuma tana sabunta su lokaci zuwa lokaci. Bugun da ake aiki da shi yanzu ya fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 2020. Ƙa'idoji 11 ne a cikinsa, huɗu daga ciki na jigilar ruwa ne kaɗai, FOB da CIF kuma suna cikin huɗun nan. Suna hawa kanka ne idan kai da abokin cinikinka kun rubuta su a yarjejeniyarku.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai wani mai shago a Narayi da ke sayar da kekunan ɗinki da kayan gyaransu. Ya yi niyyar ɗauko keke 400 daga wani kamfani a ƙasar Sin, kowanne a kan dala 50. Alƙaluman nan duk na misali ne domin lissafi ya fito fili. Kamfanin ya turo masa farashi biyu: FOB Ningbo, dala 20,000; CIF Apapa, dala 23,600.

Ku lura da sunan garin da ke bin bayan haruffan. A FOB, sunan tashar da za a yi lodi ake rubutawa, wato Ningbo. A CIF kuwa sunan tashar da za a sauke kaya ake rubutawa, wato Apapa ta Legas. Wannan sunan na Apapa shi ke ruɗar mutane, kuma za mu dawo kansa.

Idan ya zaɓi FOB Ningbo, aikin kamfanin shi ne ya haɗa kaya, ya ɗaure su yadda ya kamata, ya kai su tashar Ningbo, ya kammala da kwastan na ƙasarsa, ya ga an ɗora su a jirgin da mai saye ya ayyana. A nan nauyinsa ya ƙare. Mai shagonmu shi zai nemo jirgi, galibi ta hannun ejan mai shirya jigila, shi zai biya kuɗin dakon, kuma dole ya sanar da kamfanin sunan jirgin da ranar lodi a kan lokaci. In ya yi sakaci da sanarwar, ko jirgin da ya ayyana bai zo ba, kasadar kayan na iya komawa kansa alhali suna nan a ƙasa. Inshora kuwa, FOB ba ta wajabta ta a kan kowa ba. In bai yi ba, babu wanda zai yi masa.

A ce ejan ya ba shi kuɗin jirgi dala 3,000. Kaya da jirgi sun zama 23,000. Al'adar inshorar kayan ruwa ita ce a ƙara kashi 10 cikin 100 a kan darajar kaya saboda ɗawainiya da ribar da ake tsammani, don haka za a yi inshorar a kan dala 25,300. A ce kamfanin inshora ya karɓi kimanin dala 100. Jimilla ta kama 23,100. To kun ga farashin CIF na 23,600 ya ɗara da dala 500. Ba kullum haka take kasancewa ba, domin wani lokaci babban kamfani mai yawan lodi yana samun jirgi da araha fiye da yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai samu. Hanyar ganewa ɗaya ce: ka nemi a ba ka farashin biyu, ka nemo kuɗin jirgi da kanka, ka kwatanta.

Idan kuma ya zaɓi CIF Apapa, kamfanin ne zai kama jirgi ya biya har Apapa, ya kuma yanki inshora, sannan ya miƙa masa takardu uku: takardar farashi, takardar lodin jirgi, da takardar inshora. A takardar lodin za a ga an buga Freight Prepaid, alamar an riga an biya jirgi. A cinikin FOB abin da aka saba gani shi ne Freight Collect, wato mai karɓar kaya ne zai biya. Kada ka ɗauka kyauta aka yi maka. Kuɗin jirgin da na inshorar suna cikin dala 23,600 ɗin da ka biya. Abin da CIF ta ɗauke maka shi ne ɗawainiyar shiryawa, da kuma fargabar tashin kuɗin jirgi bayan an ƙulla ciniki. Wanda ya yi oda a 2021, lokacin da kuɗin kwantena ya ninka sau da dama, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne: mai FOB shi ya ɗauki ƙarin, mai CIF kuwa farashinsa ya riga ya tsaya.

Za mu ɗan numfasa, idan muka dawo sai mu shiga batun asara.

(Ɗan kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Mai sauraro zai ce, to yaya mutum zai biya kuɗin jirgi har Apapa, sannan a ce in kaya sun lalace a teku ba ruwansa? Ku tuna yadda ake yi idan ka sayi dilar atamfa a Kantin Kwari ta waya. Mai kanti ya kai ta tasha, ya ɗora a motar Kaduna, ya biya kuɗin mota daga cikin abin da ka tura masa, ya turo maka lambar direba. In kun yi da shi cewa da an ɗora a mota kaya sun zama naka, to biyan kuɗin motar da ya yi bai mai da shi mai lamunin hanya ba. Haka CIF take. Kamfanin ya yi alƙawarin ɗora kaya a jirgi mai zuwa Apapa, bai yi alƙawarin isowarsu lafiya ba.

Mu bi kwantenar mai shagonmu mu ga wurare huɗu da tsautsayi kan faɗa.

Wuri na farko, filin tashar Ningbo. An kawo kwantena, tana jiran jirgi, sai injin ɗaga kaya ya sake ta ta faɗi. Ba ta hau jirgi ba tukuna, saboda haka a FOB da CIF asarar ta mai sayarwa ce. Dā can ana cewa kasada na sauya hannu ne idan kaya suka ƙetare shingen gefen jirgi, amma tun bugun 2010 aka sauya, ya zama sai an ajiye su a cikin jirgin. Shi ya sa ake duba takardar lodi a ga tambarin Shipped on Board da kwanan wata. Wannan ranar ce kasadar ta dawo kanka.

Wuri na biyu, tsakiyar teku. Rufin kwantenar yana da ɗan huji, ruwan teku ya yi ta shiga tsawon makonni. An buɗe a Legas, katan-katan na sama sun jiƙe sun ruɓe, kan keke 80 ya yi tsatsa, allura ba ta motsi. Asarar dala 4,000 ke nan a farashin saye. Mai shagonmu ya kira kamfani, kamfani ya ce mun ɗora su lafiya, ga takarda. Kuma gaskiyarsu ce. Ko da bai gama biyansu ba, sai ya cika musu kuɗinsu. Abin da ya rage masa shi ne inshora.

A nan ne mai CIF kan sha mamaki. Sharuɗɗan inshorar kayan ruwa da aka fi amfani da su a duniya aji uku ne: A da B da C. Abin da CIF ta wajabta wa mai sayarwa shi ne mafi ƙanƙanta, wato C, a kan kashi 110 cikin 100 na kuɗin cinikin. Ajin C na biya ne idan babban haɗari ya auku: gobara ko fashewa, nutsewar jirgi ko kifewarsa ko maƙalewarsa a tudu, karo da wani abu, ko zubar da kaya a teku da gangan domin a ceci jirgi. Shigar ruwan teku cikin kwantena ba ta cikinsa, sai daga ajin B. Sata da ɓallewar kaya wajen ɗagawa da saukewa ta yau da kullum kuwa sai ajin A. Don haka mai shagonmu yana riƙe da takardar inshora ta gaske, amma keke 80 ɗin nan ba za ta biya shi ko sisi ba. Ajin A ma yana da iyaka: ba ya biyan ɓarnar da rashin ɗaure kaya da kyau ya jawo, ko asarar jinkiri, yaƙi da yajin aiki kuma sai an ƙara musu sharaɗi na dabam. Kamfanin jirgi fa? Ana iya binsa idan an tabbatar laifinsa ne, sai dai doka ta ƙayyade iyakar abin da yake biya a kan kowane ƙunshi ko kilo, kuma sau da yawa bai kai darajar kayan ba.

Wuri na uku shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Kayanka na iya zama lafiya lau, amma a ce sai ka biya. Tsohuwar doka ce ta teku: idan aka yi wata sadaukarwa ko aka kashe kuɗi domin ceton jirgi da duk abin da ke cikinsa, ana raba asarar a kan mai jirgi da duk masu kaya, kowa gwargwadon darajar nasa. Kun tuna jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwes na ƙasar Masar a watan Maris na 2021? Kwana shida ya yi a maƙale, aka kuma tsare shi har watan Yuli. Masu jirgin sun ayyana wannan rabon asara, kuma a irin wannan hali ba a sakin kwantena sai an ba da lamuni. Mai inshora, ko da ajin C ne, kamfanin inshorarsa ke tsaya masa. Wanda ya yi FOB ya ƙi yankar inshora don ya rage dala 100, shi zai ajiye tsabar kuɗi daga aljihunsa kafin ya ga kayansa.

Wuri na huɗu ya fi kusa da mu. Narayi ba ta bakin teku. Daga Apapa ko Tinkan sai an ɗora kwantena a tirela ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci kafin ta shigo Kaduna. FOB ba ta san wannan hanya ba, CIF ma ba ta san ta ba. Harajin kwastan, kuɗin tasha, ladan ejan mai fito, tarar jinkirin mayar da kwantena, kuɗin tirela, duk na mai saye ne a tsarin biyu. Inshorar da CIF ta wajabta ma iyakarta tashar da aka ambata. In tirela ta kife bayan Lakwaja alhali takardar inshorarka Legas aka rubuta a matsayin ƙarshen tafiya, ka fita daga inuwarta. Maganin abin mai sauƙi ne: a rubuta a takardar cewa inshorar ta kai har sitonka a Kaduna.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu sai dokar gida, domin ita ke sauya lissafin ga ɗan Najeriya. Kafin a yi lodin kayanka a can, sai ka buɗe Fom M ta hannun bankinka, kuma cikin takardun da ake nema akwai shaidar inshora daga kamfanin da ke da rajista a Najeriya. Dokar inshora ta Najeriya ta ce inshorar kayan da ake shigowa da su a hannun kamfanin gida za a yi ta. Ma'anar wannan ita ce, in ka amince da CIF, za ka biya inshora sau biyu: ɗaya a cikin farashin kamfanin waje, ɗaya kuma a nan domin Fom M. Shi ya sa gogaggun masu oda suka fi neman CFR, wadda take daidai da CIF a komai ban da inshora: mai sayarwa ya biya jirgi, kai ka yanki inshorarka a gida, ka zaɓi ajin da kake so, in an yi ɓarna kuma ofishin da za ka je yana nan kusa. Wanda ke da damuwa ta addini game da inshora, akwai kamfanonin takaful masu lasisi daga hukumar NAICOM, sai ya tambaye su tsarinsu na kayan ruwa. Abin da nake roƙo shi ne kada a yanki takardar jeka-na-yi-ka don banki kawai ya karɓi fom. Ranar ɓarna ita za a buɗe a karanta.

Abu na biyu, kwastan. Wasu na zaton in sun sayi kaya FOB harajinsu zai ragu tunda adadin da ke takarda ya fi ƙanƙanta. Ba haka ba ne. Kwastan na Najeriya suna lissafa haraji ne a kan darajar kaya haɗe da kuɗin jirgi da na inshora, ko da wane tsari ka saya. A misalinmu, a ce harajin kashi 10 cikin 100 ne, za a lissafa shi a kan 23,100, ya zama dala 2,310, ba 2,000 ba. Kun ga ke nan duk tashin kuɗin jirgi yana jawo tashin haraji.

Wani zai ce, ai muna da tashar tsandauri a Kakuri, ga ta nan kusa da Narayi, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Janairun 2018. Me zai hana in rubuta CIF Kaduna? Abin da zai hana shi ne CIF ta tashar ruwa ce, jirgin ruwa kuwa ba ya zuwa Kakuri. Idan kana so mai sayarwa ya biya jigila har tashar tsandauri, ƙa'idar da ta dace ita ce CPT, ko CIP idan da inshora, tare da takardar lodi mai ɗauke da sunan Kaduna a matsayin ƙarshen tafiya. CIP ta bugun 2020 ajin A take wajabtawa. Amma ka sani, a cikinsu kasada na dawowa kanka tun lokacin da aka miƙa kaya ga mai jigila na farko a can ƙasar. Ita kanta ICC tana ba da shawarar a yi amfani da FCA a madadin FOB, da CPT da CIP a madadin CFR da CIF, ga kayan kwantena, domin kwantena a filin tasha ake miƙa ta, kwanaki kafin ta hau jirgi. Sabo ne ya sa kasuwa ke ci gaba da rubuta FOB da CIF.

Masu fitar da kaya, ban manta da ku ba. Mai tara busasshiyar citta daga Kaciya ko Kwoi ya sayar FOB Legas, shi ne a kujerar mai sayarwa. Duk abin da ya sami buhunan nan daga Kudancin Kaduna har su hau jirgi, nasa ne: ruwan sama a hanya, haɗarin mota, zaman jira a bakin tasha. In kuma ya yi farashin CIF, kasadar teku ta bar wuyansa da an yi lodi, amma tashin kuɗin jirgi tsakanin ranar ciniki da ranar lodi daga ribarsa zai fita. Don haka kada ya ba da farashin CIF sai yana riƙe da kuɗin jirgi a rubuce, da ranar da wa'adinsa zai ƙare.

Ranar karɓar kwantena ma akwai ladabinta. Kafin a fasa hatimin ƙofa, a duba lambarsa a ga ta yi daidai da wadda ke takardar lodi. A zagaya kwantenar a duba huji ko lotsawa ko alamar ruwa a ƙasan ƙofa, a ɗauki hoto. In an ga ɓarna, kada a sa hannu cewa an karɓi kaya lafiya. A rubuta abin da aka gani a takardar karɓa, a kira kamfanin inshora nan take ya turo mai duba ɓarna, a kuma rubuta wa kamfanin jirgi, domin wa'adin sanar da shi 'yan kwanaki ne. Kada a zubar da jiƙaƙƙen katan ko a fara sayar da kayan kafin mai dubawa ya zo.

Shawarata ga ɗan kasuwar Kaduna ita ce wannan. In kana da amintaccen ejan kuma lodinka na da yawa, FOB ta fi ba ka iko da jirgi da kuɗinsa. In sabon shiga ne kai, nemi CFR, ka kuma tambayi ejan tun kafin lodi nawa kamfanin jirgin zai caje ka a Legas, domin arhar jirgi a can wani lokaci a nan ake fanshe ta. Ko wanne ka ɗauka, ka yanki inshora ajin A a gida, har zuwa sitonka. Sannan a takardar ciniki a rubuta abu uku a jere: haruffan, sunan tasha, da bugun ƙa'idar, kamar haka: CFR Apapa Incoterms 2020.

Alhaji, Hajiya, ɗan'uwa mai shago, kafin ka tura ko dala ɗaya, ɗauko takardar farashin nan ka sake duba haruffa ukun da ke gefen jimilla, ka tambayi kanka: in kayan nan suka jiƙe a teku, wa zai biya ni? In ba ka da amsa a rubuce, ciniki bai kammala ba tukuna.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kawo kayan kowa lafiya.